Manajan da Ya Ɓuya wa Mijina

Mijina katifa yake sayarwa, amma ba irin mai shagon da ke zaune yana kaɗa ƙafa yana jiran ciniki ba. Shi ɗan talla ne na wani kamfanin katifa. Aikinsa ya bi otal-otal da asibitoci da makarantun kwana, ya shawo kan mai gado hamsin ya yarda cewa duk katifun nan hamsin sun mutu. Shekara goma sha tara yana wannan yawo, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwarmu. Mai Katifa kowa ke kiransa, ni kuma ina ce masa Baban 'yan biyu, sai in raina ya ɓaci in koma Mai Katifa kamar kowa.

Mutum ne da ba a zuwa dubiya da shi. In muka shiga asibiti, kafin ya ce wa majinyaci sannu sai ya danna katifar gadon da yatsa biyu, ya girgiza kai. Ranar da aka yi wa yayata aiki, tana farfaɗowa abin da ta fara gani shi ne mijina durƙushe yana leƙa ƙarƙashin gadonta yana neman tambarin kamfani. Ta ɗauka likita ne ke neman wani abu da ya faɗo daga cikinta. A gidanmu kuwa katifarmu ta yi rami a tsakiya tun 'yan biyu suna firamare, kullum a ramin muke haɗuwa ko muna faɗa. Da na yi magana sai ya ce ai tana da sauran shekara biyu. Yanzu 'yan biyun suna jami'a.

Ni a kantin magani nake aiki. Wurina mutane ke zuwa da ƙafarsu, wani riƙe da haƙori wani riƙe da ciki, ban taɓa roƙon kowa ya sayi maganin zawo ba. Shi ya sa na daɗe ban fahimci sana'arsa ba. Ashe rabin aikin ɗan talla ba surutu ba ne, jira ne. Za ka je wurin mutum, ya karɓe ka hannu biyu, ya ce ka aiko da farashi, ka aika, daga nan sai shiru kamar an binne shi. A kan wannan shirun ne mijina ya kafa dokarsa, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji ta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Tuni uku, in ji shi, ba huɗu ba.

Na farko, bayan kwana huɗu na aiki da tura farashi. Layi biyu kawai, ya gaishe da mutum, ya tuna masa abin da suka tsayar, ya yi tambaya ɗaya wadda za a iya amsawa da e ko a'a. Ba ya taɓa rubuta "na ji ka shiru". Ya ce wannan tuhuma ce aka yi mata kwalliya, mutum yana karantawa zai ji kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba, kuma ba wanda ke sayen katifa a hannun hedimasta.

Na biyu, bayan kamar kwana goma, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Sai ya kawo wani abu sabo: ko an sami ranar da babbar mota za ta bi ta wajen, ko lambar wani mai otal da ya sayi irin katifar kuma ya yarda a kira shi a tambaya. In na farko rubutu ne, na biyu sai ya kira a waya. A nan ne yake tambaya cikin ladabi ko akwai wani da ya kamata a sa a maganar, don sau da yawa wanda ya yi maka fara'a ba shi ke sa hannu ba.

Na uku bankwana ne, bayan sati biyu ko uku. Ya rubuta cewa ya fahimci ba yanzu ba ne, zai rufe maganar daga wajensa, ba zai sake damun mutum ba, ga lambarsa duk ranar da aka buƙace shi. Sai ya rufe ɗin da gaske. Ya ce wannan saƙon ya fi sauran samun amsa, don yana sauke wa mutum nauyi, kuma ko a'a aka ce masa ya ci riba, ya san inda zai daina ƙona fetur. Akwai wata shugabar makaranta da ta kira shi bayan shekara huɗu da bankwana, ta ce duk cikin 'yan tallan da suka addabe ta shi kaɗai ne ya tafi da aka yi masa shiru, don haka lambarsa kaɗai ta ajiye.

Duk wannan ina jin sa ina gyaɗa kai, don dokar tana ciyar da mu. Sai kamfanin ya kawo sabon shugaban sashen talla.

Ban taɓa ganinsa ba, amma na tsane shi tsana mai tsari. 'Yan sashen suna kiransa Jadawali, saboda ba ya iya cewa ina kwana sai da zane a allo. Ya zo ya duba 'yan talla, ya ga mijina shi ne ya fi kowa furfura, kuma cinikinsa ya yi ƙasa shekara biyu a jere, don yawancin tsofaffin abokan cinikinsa sun riga sun sayi katifun da ba sa mutuwa da wuri. Laifinsa kenan, ya sayar da abu mai kyau. Jadawali ya ba shi wata uku: ko ya kawo babban ciniki guda, ko ya ajiye makullin motar kamfani ya tafi gida. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, da yara biyu a jami'a, wanda bai iya komai ba sai danna soso da yatsa.

A satin farko Allah ya kawo Manaja. Shi ke kula da wani otal mai ɗaki arba'in da biyu, kuma baƙi sun fara ƙorafin ciwon baya. Shi da kansa ya zo ɗakin baje kolin kamfanin, wani gajere mai fara'a da tabarau a goshi. Ya cire takalmi ya kwanta a katifar gwaji, mijina yana tsaye a kansa yana bayanin kaurin soso, sai ya ji minshari. Minti ashirin Manaja ya yi yana barci a gaban jama'a. Da ya farka ya goge baki ya ce, "Mai Katifa, an gama. Arba'in da biyu. Ka aiko da takarda."

Ranar mijina ya dawo gida yana waƙa, abin da ban so ba, don muryarsa ba ta waƙa ba ce. A ranar ya tura takardar farashi. Alamar waya ta nuna an karanta. Daga nan shiru.

Bayan kwana huɗu ya yi tuni na farko, layi biyu cif. An karanta, shiru. Bayan kwana goma ya kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, sai ya rubuta cewa mota za ta bi ta titin otal ɗin ƙarshen wata, kuma in akwai wanda ya kamata ya gani bayan Manaja, a shirye yake. An karanta, shiru. Ya ci gaba da yawonsa a wasu wuraren, ya samo katifa shida a nan, huɗu a can, waɗanda Jadawali ya ce ba ciniki ba ne, sadaka ce. Ya ma ja bankwanan fiye da yadda ya saba, na lura, yana ta ɗaga ranar. Saura sati uku wa'adinsa ya cika, wata safiyar Asabar muna shan shayi, na ga yana rubutu a waya da irin fuskar da yake yi in za shi gaisuwar mutuwa.

Na ce, "Me kake rubutawa?"

Ya ce, "Bankwana. Na Manaja."

Na miƙa hannu na karɓe wayar. Saƙo ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba, har da yi wa otal ɗin fatan alheri. Na goge shi tas, na ajiye masa wayar kusa da kofi.

"Baban 'yan biyu, kana da hankali kuwa? Mutum ya yi minshari a katifarka, ya ce an gama, kai kuma za ka sallame shi da addu'a? Wannan dokar taka ta lokacin da kake da aiki ce. Yanzu aikin ne a hannun wannan mutumin."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, shiru sau biyu bayan an karanta, ai amsa ce. Kawai dai bai iya faɗa ba."

"To ka taya shi ya iya."

Na san mijina, in da na bar shi a nan da ya sake rubuta bankwanansa bayan na fita. Sai na kawo maganar yara, na kawo shekarunsa, na tambaye shi wane kamfani ne ke ɗaukar ɗan talla mai furfura. Duk gaskiya na faɗa, shi ya sa ta yi masa ciwo. Tsoro nake ji, kuma ni in na ji tsoro masifa nake yi.

Daga ranar ni na karɓi ragamar tallan katifa. Litinin na sa ya rubuta, "Barka da safiya, ina tuni." Laraba, "Ina fata an tashi lafiya, har yanzu ina sauraro." Juma'a na tsara masa wani mai tsawo wanda ya ƙare da "na ji ka shiru", ya rubuta kalmomin nan kamar ana cire masa farce. Sati na biyu muka koma kullum. Manaja ya daina ma buɗe saƙon. Sai dabara ta zo min, na ce ya kira da wayata. Ƙara biyu aka ɗauka, murya mai daɗi ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" Mijina ya ce, "Ranka ya daɗe, Mai Katifa ne." Sai muka ji wani ƙirr, Manaja ya fara, "Halo, halo, ba na ji," da bakinsa yake yin ƙarar layin, kuma bai ma iya ba. Ya kashe.

Mijina ya miƙo min wayata ya ce, "Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji yana da rai. Gobe ba ni da aiki, za mu je."

"Ba a zuwa wa mutum ba alƙawari."

"A wace doka? Taka?"

Kullum kuma da ya shigo gida, kafin ya cire takalmi, tambayata ɗaya ce: ya amsa? In ya ce a'a in ce to me ka yi a kai. In muna cin abinci wayarsa ta yi motsi, sai na riga shi leƙawa.

Washegari da hantsi muka isa otal ɗin. Na yi alƙawarin zama a mota, na cika shi na minti uku. Da na shiga na tarar da mijina a gaban teburin karɓar baƙi, wata budurwa mai gilashi tana ce masa Manaja ya fita, ba a san lokacin dawowarsa ba. Ƙofar ofishin Manaja tana bayanta a buɗe. Fanka na juyawa, shayi na tururi a kan tebur, ga tabarau a kan jarida, har kujerar ba ta gama lilo ba.

Na ce, "'Yan mata, shayin nan wa zai sha?"

Ta kalli shayin, ta kalle ni, ta ce, "Yana son sa da sanyi."

Mijina ya ce mu tafi. Na ce mu jira. Muka zauna a kujerun falo, kusa da wata tukunyar fulawar roba da ƙura ta cinye, muna kallon talabijin da aka kashe wa murya. Minti goma, ashirin, arba'in. Budurwar ta jera makullai ta sake jerawa. Mijina ko katifar kujerar bai danna ba, a nan na san ransa ba daɗi. Ni kuwa na miƙe na ce zan nemi bayan gida.

Na bi wani dogon lungu mai warin sabulun wanki, na wuce ɗakuna, na karya kwana. A ƙarshen lungun na ga wata dattijuwa mai shara tsaye da keken turawa, ta jingina da bango ta naɗe hannu a gaban wata ƙaramar ƙofa.

Na ce, "Sannu Iya, ina bayan gida?"

Ta nuna min da baki, sannan ta ce, "Ke dai kin huta. Ni tawul nake jira, ɗaki tara ban gyara ba. Manaja ya shige ɗakin zannuwa ya sa sakata, kusan awa guda kenan. Wai akwai wani mai katifa a falo."

Wallahi dariya ce ta fara zuwa min. Babban mutum, mai ma'aikata talatin a ƙarƙashinsa, ya kulle kansa cikin ɗakin da ko taga babu, tsakanin zanin gado da rigar filo. Na juya da sauri zan kira mijina in ce ga shi na kamo, sai na gan shi a bayana. Ya biyo ni ne don ya hana ni abin kunya, kuma ya ji duk abin da Iya ta faɗa.

Shekara ashirin da biyar muna tare, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne. Kamar mutumin da ya wuce gaban madubi ya ga wani daban. Nan take dariyar ta gushe.

Ya matsa jikin ƙofar, bai ƙwanƙwasa ba. Ya gyara rigarsa kamar ana ganinsa, ya yi magana a hankali.

"Ranka ya daɗe, Mai Katifa ne. Kada ka buɗe. Ban zo da takarda ba, haƙuri na zo ba ka. Na dame ka fiye da ƙima, kuma na san ba haka ake yi ba. Daga yau na rufe maganar katifa, ba saƙo, ba kira, ba zuwa. Yanzu za mu fita, ka ba baiwar Allah nan tawul ɗinta."

Sai muka ji atishawa daga ciki, sau biyu. Sannan murya ta fito, a shaƙe.

"Mai Katifa."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Mai otal ɗin ya ba ƙanin matarsa aikin. Tun kwana biyu da zuwana wajenku. Katifun ma sun iso, suna sama, kamar an cusa tsumma a buhu." Ya ja hanci. "Ni na ce maka an gama, a gaban mutane, bayan na yi barci a kayanku. Da wane baki zan ce maka ban isa ba? Kullum sai in ce gobe zan rubuta maka, sai in ga wani saƙon ya shigo, sai abin ya ƙara nauyi."

Mijina ya ce, "Da na aiko da abin da ya kamata in aiko, da kalma biyu sun ishe ka. Laifina ne."

Bai kalle ni ba da ya faɗi haka, kuma da ya kalle ni da ya fi min sauƙi.

Manaja ya ce, "To ka yi haƙuri. A'a ne."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ba da sa'a."

Iya mai shara ta ce, "Amin. Sai a buɗe."

Ba mu tsaya ganin fitowarsa ba, mijina ya ce a bar wa mutum wannan. Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce danja biyu. Ni ba na iya shiru mai tsawo, kuma kaina ya riga ya fara lissafin wata hanyar. Na san Jadawali yana da takarda da kowane ɗan talla ke cikewa ranar Juma'a, gaban sunan kowane abokin ciniki a rubuta ɗaya daga uku: an saya, ana magana, ko an rufe. Na kuma san ya ce duk mai babban ciniki da ake magana a kai za a ƙara masa wata guda. Rabin 'yan sashen da matattun "ana magana" suke rayuwa, akwai wanda ya shekara yana magana da wani asibiti da aka rushe.

Na ce, "Ba wanda ya ji abin da ya faɗa sai mu da mai shara. Ka bar shi a ana magana. Ai kun yi magana, ni shaida ce."

Ya ce, "In na bar shi a haka, Jadawali zai ce a ci gaba da tuni. In ban yi ba, zai ba ɗaya daga cikin sababbin 'yan tallan nan lambar, su dinga tura masa saƙo safe da yamma. Na gaya wa mutumin an rufe."

"Ta bayan ƙofa ka gaya masa. Ko fuskarka bai gani ba."

"Ya ji muryata."

"Wata guda fa, Mai Katifa. A wata guda wani cinikin zai iya faɗowa."

Ya tsayar da motar a gefen titi, abin da bai taɓa yi ba don magana. Ya ce, "An ƙi ni sau dubu a aikin nan. An bar ni a tsaye a rana, an kira ni da sunan wani kamfani, wata mata ta taɓa sakar min kare. Amma ba wanda ya taɓa ɓuya don ya ji na zo. Yau na ga wannan, kuma ba na so in ƙara wata guda a matsayin wannan mutumin."

Na yi masifa duk da haka. Na ce mutunci ba ya shiga tukunya, na ce yaran da sunan wa za su ci, na ce abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya saurara har na ƙare, ya kunna mota. Ranar Juma'a ya rubuta an rufe.

Sati guda ya rage masa, ya yi ta yawo kamar da, ya samo katifa takwas a wani gidan marayu. Ranar ƙarshen wa'adin na tashi aiki da wuri don in riga shi gida. Na sauka a bakin layinmu wajen ƙarfe biyar, inda mai faci ke da rumfa, da tsohon benci da baho na ruwan gwada tayoyi. Muka gaisa, sai ya ce, "Yau maigidan bai iso ba tukuna. Na share masa bencinsa."

Na ce, "Wane benci?"

"Wannan mana. Ai sati uku kenan kullum nan yake zama. Ya ajiye mota a bayan rumfa, ya zauna kamar awa guda, sannan ya ƙarasa gida. Na ɗauka tayar ce, na duba lafiyarta ƙalau. Ba ya ko hira, sai ya ce yana hutawa ne kafin ya shiga." Ya yi dariya yana goge hannu da tsumma. "Na ce masa Mai Katifa, kai da ke da katifa a gida, ka zo kana hutawa a katako?"

Na kalli bencin. Daga inda yake ana hango ƙofar gidanmu, amma daga ƙofar ba a hango shi, tayoyin da aka tara sun kare. Na ƙirga baya, sati uku ya kai ni daidai safiyar Asabar ɗin da na goge masa saƙo. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi masa sallama na wuce.

Na shiga gida na ɗora abinci, na share falon da ba ya buƙatar shara. Na hana kaina leƙa taga, na kuma leƙa sau uku. Wajen shida da rabi na hango shi yana tahowa daga bakin layi, a ƙasa, ba mota, da wani ƙaramin kwali a hammata. Ya rage sauri a wajen rumfar mai faci, ya tsaya, na ga mai faci yana nuna masa bencin. Ya ɗan jima a tsaye. Ban sani ba ko ya zauna, don na saki labulen na koma kicin, na ga ba ni da hurumin kallo.

Da na ji ƙarar ƙofa tambayoyi sun cika min baki, me Jadawali ya ce, ba wani ƙarin lokaci, yanzu sai yaya. Na cije su har haƙorina ya yi ciwo. Ya shigo ya ajiye kwalin a ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, kafaɗunsa a ɗage, yana jira. Sai na gane haka yake tsayawa kullum, ni ce ban taɓa lura ba don bakina na aiki.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baban 'yan biyu. Ruwan wanka na nan da zafi."

Ya ƙara jira. Na juya na ci gaba da jera kwanuka. Can na ji ya zauna a kujera yana kwance igiyar takalmi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Ya ce, "Sun karɓi makullin."

Na ce, "To."

Na kawo masa ruwan sha na zauna a gefensa. Ya sha rabi ya riƙe kofin, muka zauna a haka har abincin ya fara kamawa a wuta, ban tashi ba.